Wa Ya Ranta, Wa Ya Ci Bashi? Yadda Wasalin Ƙarshe Ke Raba Gardama a Jumlar Larabci

Ga kalmomin Larabci guda uku: *aƙrada*, wato ya ba da rance, *at-tajir*, attajiri, da *al-fallah*, manomi. Idan Balarabe ya ce *aƙrada at-tajiru al-fallaha*, attajiri ne ya ranta wa manomi. Idan kuwa ya ce *aƙrada at-tajira al-fallahu*, magana ta juya, manomi ne ya ranta wa attajiri. Babu kalmar da ta gusa daga wurinta, babu baƙin da aka ƙara ko aka rage. Wasulan ƙarshe guda biyu kawai suka yi musayar wuri, sai mai bin bashi ya koma wanda ake bi.

Wannan shi ne abin da malaman nahawu ke kira i'irabi, kuma shi ne wurin da Bahaushe mai koyon Larabci ya fi yin tuntuɓe. Dalilin ba ƙarancin basira ba ne. Harshenmu ya saba mana da wata hanya dabam ta gane wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Idan muka ce "kura ta kama akuya", jerin kalmomin ne ya gaya mana wadda ta kama da wadda aka kama. Sunan kura da na akuya ba sa canza kama ko kaɗan. Larabci kuwa a ƙarshen suna yake ɗora wannan bayani. Wanda ya yi aiki yana ɗaukar rufu'a, wasalin *u*. Wanda aiki ya faɗa kansa yana ɗaukar fataha, wasalin *a*. Wanda ya biyo bayan harafi irin su *fi* da *min* da *ila*, ko wanda aka jingina masa wani suna, yana ɗaukar kisira, wasalin *i*. Duk wanda ya yi farfaru a makarantar allo ya san waɗannan wasula uku. Abin da galibi ba a kai ga sanar da shi ba shi ne, idan suka zo a ƙarshen suna, aiki suke yi, ba ado ba ne.

Kada kuma mu ɗauka cewa canza ƙarshen kalma baƙon abu ne a bakinmu. Muna cewa "abin da ya saya", "ya sayi doki", "ya saye shi". Kalma ɗaya ce ta fito da ƙarshe uku, gwargwadon abin da ya biyo bayanta, kuma ko yaro ƙarami ba ya cewa "ya sayi shi". Bambancin dai shi ne, mu a kan aikatau muke yin wannan canji, Larabawa kuma suna yin nasu a kan suna. Har ma muna furta i'irabin Larabci kullum ba tare da mun lura ba. Muna cewa "in sha Allahu" da rufu'a, domin Allah shi ne mai so a cikin jumlar. Muna cewa "wallahi" da kisira, domin wawun rantsuwa ya gabaci sunan. Mai yin istigfari, idan ya cika lafazin bai tsaya ba, *astagfirullaha* zai ce da fataha, domin Allah ne ake neman gafararsa.

An ruwaito cewa Abul Aswad ad-Du'ali, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 69 bayan Hijira, shi ne ya fara sanya wa waɗannan wasula alama a rubuce, da ɗigo na tawada mai wani launi: ɗigo a saman baƙi don fataha, a ƙasansa don kisira, a gabansa don rufu'a. Daga baya Halilu ɗan Ahmad ya kawo siffofin da suka zama tushen waɗanda muke gani yau, almajirinsa Sibawaihi, wanda ya rasu wajajen 180 bayan Hijira, ya tattara ilimin a cikin littafinsa da ake kira al-Kitab. A zaurukan malamanmu kuwa, ɗalibi yakan shiga nahawu ta ƙofar Ajurumiyya, ɗan ƙaramin littafin Ibnu Ajurrum wanda ya rasu a Fas a shekarar 1323, daga nan ya haura zuwa Alfiyyar Ibnu Malik. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya bar mana nasa babban littafin nahawu a waƙe, al-Bahrul Muhiɗ. Duk waɗannan littattafai, manyansu da ƙananansu, a kan tambaya ɗaya suke kewayawa: wane aiki wannan kalma take yi a cikin jumla? Ba a kuwa iya amsa ta sai an fara gane irin jumlar da ake ciki, domin jumlar Larabci iri biyu ce.

Jumlar da aikatau ke ja gaba

Iri na farko ita ce jumla fi'iliyya, wadda aka gina a kan fi'ili, wato aikatau. Tsarinta na asali shi ne aikatau ya zo da farko, sai fa'ili, wanda nahawun Hausa ke kira aikau, sannan maf'uli, wato karɓau, idan aikin yana buƙatarsa. Misalinmu na farko irinta ce: *aƙrada at-tajiru al-fallaha*. Ina raba kalmomin ne a nan don mai karatu ya ga ƙarshen kowace. A baki haɗe su ake yi, a ce *aƙradat tajirul fallaha*. Gaisuwar godiya da muka saba, "jazakallahu hairan", cikakkiyar jumla fi'iliyya ce: *jaza* aikatau ne, *ka* shi ne wanda ake yi wa addu'a, sunan Allah ya zo da rufu'a domin shi ne mai sakawa, *hairan* kuma da fataha biyu domin shi ne abin da za a saka da shi. A lura cewa a nan karɓau ya riga aikau zuwa, amma ba wanda ya rikice.

Tunda alamar tana jikin kalma, kalma tana iya tashi daga wurinta ta tafi da alamarta. *Aƙrada al-fallaha at-tajiru* daidai take da jumlar farko a ma'ana: attajiri ne dai ya ranta, an gabatar da manomi ne kawai don shi ake son mai sauraro ya fara ji. Har ana iya kai manomin can farkon magana, a ce *al-fallaha aƙrada at-tajiru*, kamar yadda mu ma mukan ce "manomi attajirin ya ranta wa", ba wani ba. Wannan jumla ta fara da suna, amma duk da haka fi'iliyya ce, domin sunan karɓau ne da aka jawo gaba, asalin wurinsa bayan aikatau ne, fatahar da ke kansa kuma ita ce shaida. Ibnu Hisham, malamin Masar da ya rasu a 1360, ya yi bayanin wannan a cikin Mugnil Labib: abin dubawa shi ne abin da a asali ya kamata ya ja gaba, ba wanda ido ya fara cin karo da shi ba. Saboda haka ƙa'idar da ake haddace wa yara, cewa duk jumlar da ta fara da suna ismiyya ce, tana da amfani a matakin farko, amma wanda ya tsaya a kanta zai sha kaye.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a gyara tun da wuri. Kalmar "wanda ya yi aiki" tana iya yaudarar ɗalibi. A *inkasara al-babu*, ƙofa ta karye, ƙofar ba ta aikata komai ba, amma ita ce fa'ili, rufu'a take ɗauka, domin a kanta aka jingina labarin karyewar. Haka nan idan aka ɓoye mai ba da rancen aka ce *uƙrida al-fallahu malan*, an ranta wa manomi kuɗi, sai manomin da ɗazu yake da fataha ya karɓi rufu'a. Har yanzu shi ake bi bashi, matsayinsa a duniya bai canza ba. Matsayinsa a jumla ne ya canza: ya hau kujerar fa'ilin da aka cire, shi ya sa ake kiransa na'ibul fa'ili. Wasalin farko da na tsakiyar aikatau, *uƙrida* a maimakon *aƙrada*, su ke sanar da mai sauraro cewa an ɓoye mai aikin.

Jumlar da ba ta buƙatar aikatau

Iri na biyu ita ce jumla ismiyya. Ginshiƙanta biyu ne: mubtada, abin da aka ɗauko za a yi magana a kansa, da habari, abin da aka faɗa game da shi. Dukansu rufu'a suke ɗauka. *At-tajiru aminun*, attajirin amintacce ne. Babu aikatau a ciki, kuma babu wata kalma da ke tsaye a gurbin "ne" ko "ce" tamu. "Allahu akbar" da "assalamu alaikum" duk irin wannan gini ne.

To idan babu "ne", ta yaya ake gane cewa magana ta cika? Mafi yawan lokaci ta hanyar *al-*. Mubtada yakan zama sananne, habari kuma ba sananne ba, ya zo da tanwini, wato wasali biyu. *At-tajiru aminun* jumla ce cikakkiya. *At-tajiru al-aminu* kuwa, da *al-* a kan kalmomin biyu, "amintaccen attajirin" kawai take nufi. Mai sauraro yana nan yana jiran ya ji abin da ya same shi. Wannan ƙaramin bambanci yana ɓatar da masu fassara da yawa: su ɗauki sifa a matsayin habari, su rufe jumla tun ba ta ƙare ba, sai ainihin habarin ya zo daga baya su rasa inda za su sa shi.

Idan kuma abin da ake magana a kansa ba sananne ba ne, Larabci ba ya son buɗe baki da shi. Ba a cewa *tajirun fi ad-dukkani*. Sai a juya a ce *fi ad-dukkani tajirun*, akwai wani attajiri a cikin shagon. Habari ya zo gaba, mubtada ya koma baya, amma ya tafi da rufu'arsa. A riƙe wannan misali, za mu sake buƙatarsa.

Kwanciyar hankalin wannan jumla tana ƙarewa ne idan wasu kalmomi suka shigo mata. Ƙungiya ta farko ita ce *kana* da 'yan uwanta, irin su *asbaha* da *sara* da *laisa*. Su suna barin mubtada da rufu'arsa, su sa wa habari fataha: *kana at-tajiru aminan*, attajirin ya kasance amintacce, *laisa at-tajiru aminan*, attajirin ba amintacce ba ne. Ƙungiya ta biyu, *inna* da 'yan uwanta, wato *anna*, *lakinna*, *ka'anna*, *laita* da *la'alla*, akasin haka suke yi: *inna at-tajira aminun*, lallai attajirin amintacce ne. Mutum ɗaya, sifa ɗaya, amma ƙarshen kalmomin ya motsa sau biyu saboda abin da ya gabace su. Wannan mai gabata da ke haddasa canjin shi ake kira amili. Mai saurarar kiran salla da kunnen nahawu zai ji aikin *anna* sau da yawa a rana: sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuwa bayanta da fataha biyu, *Muhammadan*, kalmar da ke biye kuma da rufu'a, *rasulu*, domin ita ce habari. Ladanin da ya ce *rasula* ya mai da habarin tamkar ƙarin bayani a kan sunan, ya bar jumlar a rataye ba a faɗi abin da ake shaidawa ba. Kuskure ne da ake ji, kuma gyaransa bai fi wasali ɗaya ba.

Yanzu a dawo ga attajirin da ke cikin shago. Idan aka sa *inna* a gaban *fi ad-dukkani tajirun*, me zai faru? Ɗalibi da yawa sukan bar *tajirun* yadda yake, domin a ganinsu ya yi nisa da *inna*. Amma *inna* ba maƙwabcinta take nema ba, mubtada take nema duk inda ya shiga. Daidai shi ne *inna fi ad-dukkani tajiran*. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna cewa wasali aikin kalma yake bi, ba wurin zamanta ba.

Suna a gaba, aikatau a baya

Ga inda Bahaushe ya fi jin kamar yana gida, kuma ga inda ya fi bukatar hattara. *At-tajiru aƙrada al-fallaha* ta yi daidai da jerin Hausa kalma bayan kalma: attajiri ya ranta wa manomi. Sai mutum ya ce ai *at-tajiru* fa'ili ne da ya zo da wuri. Malaman Basra, waɗanda ra'ayinsu ya rinjayi littattafan da ake karantarwa, sun ce a'a. A wurinsu fa'ili ba ya gabatar aikatau ɗinsa. *At-tajiru* mubtada ne, fa'ilin *aƙrada* kuwa wakilin suna ne ɓoyayye mai ma'anar "shi", sannan aikatau da duk abin da ya biyo shi sun taru sun zama habari. Jumla ismiyya ce da ta goyo jumla fi'iliyya. Malaman Kufa sun halatta gabatar fa'ili, amma hujjar mutanen Basra tana da ƙarfi, kuma ana iya ganinta da ido.

A mai da attajirin jam'i. Idan aikatau ne a gaba, ana cewa *aƙrada at-tujjaru al-fallaha*. Attajirai da yawa ne, amma aikatau bai motsa ba, yana nan a siffar mutum ɗaya. Jinsi kawai yake nunawa: in mace ce sai a ce *aƙradat at-tajiratu*. Idan kuwa suna ne a gaba, dole a ce *at-tujjaru aƙradu al-fallaha*, da wawun jam'i a ƙarshen aikatau. Da a ce *at-tujjaru* fa'ili ne da ya canza wuri kawai, da aikatau ya zauna yadda yake. Bayyanar wannan wawu ta nuna cewa aikatau ya nemi wani fa'ili na kansa a bayansa, wawun kuma shi ne fa'ilin. Hujja ta biyu ita ce, *inna* tana iya shiga ta ce *inna at-tujjara aƙradu*, ta sa wa sunan fataha, alhali *inna* a kan mubtada take aiki, ba a kan fa'ili ba.

Amfanin wannan bai tsaya a gardamar malamai ba. Shi ke hana kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibanmu, wato a fara da aikatau na jam'i sannan a kawo suna, a ce *zahabu aɗ-ɗullabu* a maimakon *zahaba aɗ-ɗullabu*, ɗalibai sun tafi. Hausa ce ke magana a ƙarƙashin wannan kuskure, domin mu "sun" ba ta rabuwa da jam'i ko ina aka sa shi. An ruwaito irin wannan lafazi daga wasu ƙabilun Larabawa na dā, amma ba shi ne tafarkin da ake rubutu a kansa ba.

Ta fuskar ma'ana ma jumlolin biyu ba ɗaya suke ba. *Aƙrada at-tajiru* labarin abin da ya auku take bayarwa, amsar mai tambayar "me ya faru?". *At-tajiru aƙrada* kuwa attajirin ta ɗauko ta ajiye a gaba, sannan ta faɗi abin da ya yi, kamar mai amsa "ina labarin attajirin nan?". Malaman balaga, musamman Abdulƙahir al-Jurjani wanda ya rasu a 1078, sun yi dogon bayani a kan cewa suna yana nuna tabbatar sifa, aikatau kuma yana nuna aukuwa da sabuntawa. Wanda ya buɗe jaridar Larabci ta yau zai ga kanun labari galibi da suna yake farawa, cikin labarin kuma ya buɗe da aikatau.

Kisira ba ta da wahala kamar sauran biyun, don haka ba sai an daɗe a kanta ba. Ko dai harafi ya jawo ta, kamar *ila as-suƙi*, zuwa kasuwa, ko jingina, wadda ake kira idafa: *dukkanu at-tajiri*, shagon attajiri. Mu a kan kalmar farko muke liƙa *-n* ko *-r* na mallaka. Larabci yana cire wa ta farkon *al-* da tanwini, ya sa wa ta biyun kisira. Ta farkon ita ke canzawa da aikinta, *dukkanu*, *dukkana*, *dukkani*, ta biyun tana nan a kan *at-tajiri*. Kisirar da ke ƙarshen sunan Abdullahi daga nan ta fito. Sifa kuma ba ta da wasalin kanta, na sunan da take bi take ɗauka.

Inda alamar ke canza kama, da inda take ɓuya

Da a ce kowane suna da *u*, *a*, *i* yake tafiya, da nahawu ya ƙare a zama ɗaya. Amma akwai sunayen da baƙaƙe ke tsaya musu a madadin wasula. Jam'in maza lafiyayye yana cewa *al-fallahuna* a gurbin rufu'a, *al-fallahina* a gurbin fataha da kisira duka. Abu biyu yana cewa *tajirani* da *tajiraini*. Kalmar uba tana da fuska uku, *abu*, *aba*, *abi*, shi ya sa muke jin Abu Ɗalib idan an ambace shi shi kaɗai, amma Aliyu *bin Abi* Ɗalib idan an jingina masa ɗa. Sai kuma masu musayar wasali. Jam'in mata lafiyayye kisira yake ɗauka a inda ake jiran fataha: *ra'aitu al-mu'allimati*, na ga malamai mata. Wasu sunaye kuma, irin su Makka da Ahmad, ba sa karɓar tanwini, kuma fataha suke ɗauka a inda ake jiran kisira: *ila Makkata*, *min Ahmada*. Saboda haka ganin fataha kaɗai bai isa a yanke hukuncin cewa kalma karɓau ce ba. Sai an san irin sunan tukuna.

Wani lokaci ma alamar ba ta fitowa sam. Sunan da ya ƙare da alifi, kamar Musa da Isa, ba ya iya ɗaukar wasali a ƙarshensa. Malamai sukan ce an ƙaddara shi ne. To a *sa'ala Musa Isa*, wa ya tambayi wa? A nan nahawu ya ce wajibi ne a bi jeri: na farko shi ne mai tambaya, na biyu wanda aka tambaya, kuma ba a yarda a juya su ba sai in akwai wata alama a cikin maganar da za ta hana ruɗani. Wannan hukunci yana burge ni ƙwarai, domin yana nuna cewa 'yancin gabatarwa da jinkirtawa da Larabci ke da shi ba kyauta ba ne, wasalin ƙarshe ne ya saya masa. Da zarar wasalin ya ɓace, sai Larabci ya koma dogaro da jeri kamar yadda Hausa ke yi. Haka abin ya kasance a Larabcin da ake magana da shi a gida da kasuwa, daga Alƙahira zuwa Hartum zuwa na Shuwa a Borno da Chadi: wasulan i'irabi sun faɗi, jerin kalmomi da yanayin magana suka karɓi aikinsu.

Bari mu gwada duk wannan a kan jumla guda mai ɗan tsawo: *inna fi suƙi al-madinati tujjaran yuƙriduna al-fallahina malan ƙabla al-hasadi*. Ma'anarta, lallai a kasuwar garin akwai wasu attajirai da ke ranta wa manoma kuɗi kafin girbi.

Matakin farko shi ne neman ginshiƙai, ba bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba. Jumlar ta buɗe da *inna*, don haka ismiyya ce, kuma muna bin ta bashin abu biyu: suna mai fataha da habari. Abin da ya biyo bayan *inna* shi ne *fi suƙi*, harafi da sunan da ya ja wa kisira. Wannan ba zai zama sunan *inna* ba, habari ne da aka gabatar. *Al-madinati* ta sami kisirarta ta wata hanya dabam, an jingina mata kasuwa, shi ya sa *suƙi* ba ta da *al-* ba ta da tanwini. Sai ga *tujjaran* da fataha biyu: shi ne sunan *inna* da aka jinkirtar. A nan ginshiƙai sun cika, da an tsaya ma magana ta yi ma'ana.

Sauran duk bayani ne a kan attajiran, kuma jumla fi'iliyya ce cikakkiya a cikin ta farkon. *Yuƙriduna* aikatau ne, wawun da ke cikinsa shi ne fa'ili, yana komawa ga attajiran. *Al-fallahina* karɓau ne na farko. Tarkon da ke nan shi ne a ce alamarsa fatahar da ke kan nunun ƙarshe ce. Ba ita ba ce, domin wannan fataha tana nan ko a *al-fallahuna*. Alamar ita ce *i* mai ja da ta zo a gurbin *u* mai ja. Da za a karanta *al-fallahuna* a wannan wuri, da manoma sun nemi zama masu ba da rancen, ginin jumlar kuma ya rushe. *Malan* karɓau ne na biyu, abin da aka ranta. *Ƙabla* tana nuna lokaci, irin waɗannan kalmomi kuma fataha suke ɗauka, *al-hasadi* ta sami kisira domin an jingina mata *ƙabla*. Kalmomi goma, kowace da dalilin ƙarshenta.

Ajurumiyya ta lissafa wurare bakwai da suna ke ɗaukar rufu'a, goma sha biyar na fataha, uku na kisira. Haddace su yana da kyau, ban raina shi ba. Amma ɗalibin da zai iya zubo lissafin nan tiryan-tiryan, ya kuma rera dogon lafazin i'irabi yadda ya ji a bakin malami, sannan a ba shi layi ɗaya na jarida ya kasa nuna mubtada, bai riga ya kama nahawu ba. Abin da ke ƙarƙashin lissafin ya fi shi sauƙi: rufu'a ta ginshiƙan jumla ce, kisira ta abin da harafi ko jingina ya jawo ce, fataha kuma ta mafi yawan abin da ya rage, tare da ginshiƙin da *inna* ko *kana* suka taɓa. Malamin Masar Ibrahim Mustafa ya gina littafinsa Ihya'un Nahwi na 1937 a kan tunani makusancin wannan, kuma ko da malamai da dama ba su bi shi a duk abin da ya faɗa ba, wannan rabo yana taimakon mai koyo ƙwarai.

Abu na ƙarshe da ke sa i'irabi wuya shi ne, a yawancin rubutu ba a ganinsa. Littattafai da jaridu ba sa sa wasali, in ban da Alƙur'ani da littattafan yara da wasu na waƙa da hadisi. A takarda marar wasali, jumlolin nan biyu na attajiri da manomi kamarsu ɗaya sak. Mai karatu zai ɗauki na farko a matsayin mai ba da rance sai in marubuci ya sa alama ko maganar da ta gabata ta nuna akasin haka. Abin da ke fitowa a rubuce kaɗan ne: alifin fataha biyu kamar na *malan*, da baƙaƙen *fallahuna* da *fallahina*, da na *abu*, *aba*, *abi*. A nan ne kuma ake kama marubucin da bai iya ba, domin waɗannan ba su ɓoyuwa. A baki kuwa ƙa'ida ce a sauke wasalin ƙarshe idan an tsaya, shi ya sa muke cewa "akbar" ba *akbaru* ba. Wasu masu karatu sun mai da wannan rangwame mafaka, suna sa ɗauri a ƙarshen kowace kalma ko a tsakiyar jumla don kada a kama su da kuskure.

Ga mai koyo, shawarata ita ce kada ya shiga wannan mafaka. Ya ɗauki sakin layi ɗaya marar wasali, ya nemo aikatau da fa'ilinsa ko mubtada da habarinsa kafin komai, ya sa wa ƙarshen kowace kalma wasali da fensir, sannan ya karanta da ƙarfi a gaban wanda ya fi shi sani, ya bari a tambaye shi dalilin kowane ɗaya.